Kyautar ƙarshen shekara ga direba da mai aikin gida: a fara da haƙƙi, a biyo da lafiya



Da zarar Disamba ta kama, kantin maganin da nake aiki a nan Legas yakan cika da wasu irin masu saye da ba cuta ce ta kawo su ba. Kyauta suka zo nema. A bara wata Hajiya da muka saba ta shigo da 'yar takarda a hannu: kwalba biyu ta maganin ƙarin jini, gwangwanin bitamin mai tsada, man zafi da katan ɗin lemon ƙara kuzari. Ta ce za ta haɗa wa direbansu ne a kwando, domin shekararsa goma sha biyu tare da su, kuma ta lura kwanan nan yana yawan gajiya.

Na leƙa ta gilashi na hango shi zaune a mota. Na san shi sarai. Shi ne dattijon da ke zuwa shi kaɗai, ya sayi ƙwayar maganin hawan jini guda biyar ko bakwai, ya ɓace mako uku, sannan ya dawo idan ciwon kai ya matsa masa. Ba ni da ikon faɗa wa Hajiya wannan, domin sirrin majinyaci amana ce a wuyana. Abin da na iya ce mata kawai shi ne: "Hajiya, kafin ki biya kuɗin nan, kin tambaye shi abin da ya fi damunsa a bana?" Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta taɓa tambaya ba.

A kan wannan tambaya zan gina rubutun yau. Na sauya wasu bayanai don kare mutuncin mutanen, amma lissafin da zan kawo zai yi wa kowane gida amfani, ko direba ne da ku ko mai aikin gida.

Haƙƙi daban, kyauta daban

Kafin a yi maganar kwando ko ambulan, maigida da uwargida ku zauna ku amsa tambaya ɗaya tsakaninku da Allah: akwai wani abu nasa da ke hannunmu? Albashin da aka riƙe rabi a watan da kasuwa ta tsaya, kuɗin man da ya zuba daga aljihunsa a hanyar Ibadan aka ce za a ba shi, ranakun Lahadi da aka kira shi ya kai baƙi filin jirgi, hutun da aka yi masa alkawari tun bara. Duk waɗannan bashi ne. Idan kuka dunƙule su cikin ambulan kuka kira shi kyauta, kun biya shi da kuɗinsa, sannan kun sa shi yin godiya a kai. Shi ma ya san lissafin, kunya da tsoron rasa aiki ne kawai suka rufe masa baki.

Haka ma zakka. Malamai sun yi bayani cewa ba a sauke haƙƙin ma'aikaci da ita. Idan ya cancanci zakka a ba shi da sunan zakka a lokacinta, amma kada ta zama madadin albashi ko ƙarin albashin da ya kamata a yi masa.

Sai kuma a dubi albashin kansa. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 a wata. Dokar ba ta tilasta wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka gidajenmu ba su shiga ciki ba. Amma ma'auni ne mai kyau. Idan direban da ya yi muku shekara goma yana karɓar abin da bai kai haka ba a gari irin Legas, Abuja ko Fatakwal, to babbar kyautar da za ku yi masa ita ce gyaran albashi daga Janairu. Ƙarin naira 15,000 a wata ya zama naira 180,000 a shekara, kuma shi ne zai iya tsara rayuwarsa a kansa. Buhun shinkafa ɗaya ba zai yi masa wannan ba.

Akwai abu na uku da mutane ke yawan ruɗewa a kai, wato kayan aiki. Wayar da kuka saya wa direba don ku riƙa samunsa, rigar aiki, safar hannu ta wanke-wanke, injin wanki da zai rage wa mai aiki wahala, duk na gidanku ne, don amfaninku. A saya, yana da kyau, amma kada a lissafa su cikin kyauta.

Nawa ya kamata?

Babu dokar da ta wajabta wa gida biyan abin da ma'aikatan kamfani ke kira albashin wata na 13. Al'ada ce, kuma tana da sauƙin ganewa, shi ya sa nake ba da shawarar a ɗauke ta a matsayin tushe. Ga ma'aunin da nake ba abokan hulɗata: albashin wata ɗaya cikakke, sannan a ƙara kashi 5 cikin 100 na albashin a kan kowace shekara da mutum ya yi a gidan.

Mu gwada da direban Hajiya. A ce albashinsa naira 100,000 ne. Kashi 5 cikin 100 na wannan shi ne naira 5,000. Shekara 12 sau naira 5,000 ya ba da naira 60,000. Idan aka haɗa da albashin wata ɗaya, kyautarsa ta kama naira 160,000. Wanda ya zo bara kuma yana karɓar albashi iri ɗaya zai samu naira 105,000. Amfanin wannan lissafi shi ne ana iya bayyana shi ba tare da jin kunya ba. Idan sabon ma'aikaci ya ji abin da aka ba tsoho, kuma zai ji, amsa a shirye take: shekaru ne suka bambanta ku, kai ma naka zai riƙa hawa. Kyautar da ta dogara da yanayin zuciyar maigida a ranar, bana da yawa baɗi kaɗan, ita ke haifar da gunaguni da ƴan kai-kawo da tsegumi tsakanin masu aiki.

Na san wani zai ce naira 160,000 a Disamba, ga kuɗin makarantar yara na jira a Janairu, ai da kamar wuya. Gaskiya ne idan aka bari sai Disamba. Amma idan aka raba ta gida goma sha biyu, abin da za a riƙa warewa a wata bai kai naira 13,500 ba. Gidaje da yawa da ke da direba suna kashe fiye da haka a cin abincin waje na yini ɗaya. Idan kuma shekarar ta zo da matsi na gaske, a ba da rabin wata, a faɗa masa gaskiya: "Malam, bana abin da ya sawwaƙa ke nan, mun san ka fi ƙarfin haka a wurinmu." Mutumin da ke tuƙa ku kullum ya san halin da kuke ciki fiye da yadda kuke zato. Abin da ke ɓata rai shi ne a ce masa babu, alhali shi ne ya yi ta jigilar kayan biki daga kasuwar Balogun mako guda cur.

Direban Hajiya yana da bashin naira 40,000 da ya karɓa lokacin da aka kwantar da matarsa a asibiti. Hajiya ta so ta cire daga kyautar ta ba shi sauran. Na ce mata hanya biyu ce mai tsabta. Ko a yafe bashin a faɗa masa ƙarara cewa an yafe, ko a bar shi yana biya kaɗan-kaɗan yadda aka yi yarjejeniya tun farko, a ba shi kyautarsa cikakkiya. Cire bashi daga kyauta ba tare da shawararsa ba yana mayar da ranar farin ciki ranar karɓar bashi.

Kuɗi a hannu, kuma da wuri

Mutane da yawa suna jin cewa ba da tsabar kuɗi bai nuna kulawa ba, sun fi son kwando mai ƙyalli. Ku tuna cewa shi ya san inda ke yi masa ƙaiƙayi. Wataƙila kuɗin haya ne, ko kuɗin jarrabawar 'yarsa, ko kwanon rufin ɗakin mahaifiyarsa a ƙauye. Kwandon da kuka saya naira 60,000 a babban kanti, mai biskit ɗin waje da ruwan inabi mara giya, ba zai biya ko ɗaya daga ciki ba. Idan kuna son haɗawa da kayan abinci, shinkafa, man girki da wake sun fi komai, kuma su zama ƙari a kan kuɗin.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A ba da kyautar a makon farko ko na biyu na Disamba. Kuɗin mota daga Legas zuwa Arewa yakan tashi sosai idan Kirsimeti ta matso, kayan abinci ma haka. Mai aikinku 'yar Kudancin Kaduna, Filato ko Binuwai da ke son zuwa gida bikin Kirsimeti, kuɗin da aka ba ta ranar 5 ga wata ya fi wanda aka ba ta ranar 23 albarka nesa ba kusa ba. Wanda kuma Musulmi ne, goron sallarsa daban, ba a ce an ba shi a Sallah don haka ya wadatar, sai dai idan tun farko kun yi magana cewa babbar kyautar shekara a lokacin Sallah za ta riƙa zuwa.

Ga mai aikin gida akwai ƙarin kashedi. Da yawa daga cikinsu wata ce ta kawo su, kuma ta hannunta albashi ke bi. Kyautar ƙarshen shekara ta shiga hannun mai aikin ita kanta, ko asusun banki mai sunanta. Idan ba ta da asusu, raka ta ta buɗe, wannan ma alheri ne da zai daɗe.

Abin da ba na so ku saya a kantina

Yanzu mu dawo kan takardar Hajiya, domin nan ne aikina ya shigo.

Maganin ƙarin jini ba abin sha ba ne na marmari. Gajiya tana da dalilai da yawa: ƙarancin barci, ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda, damuwa, da kuma ƙarancin jini na gaske. Idan ma ƙarancin jinin ne, a namiji mai shekara hamsin da wani abu likita zai so ya san inda jinin ke zurarewa, domin yana iya zama gyambon ciki ko wata matsala a hanji. Kwalbar ƙarin jini tana iya rufe alamar ta jinkirta gano cutar.

Lemon ƙara kuzari kuwa cike yake da sinadarin kafin da sukari. Yana sa bugun zuciya ya ƙaru, yana ɗaga awon jini na ɗan lokaci, yana kuma ɓoye barcin da jiki ke bukata. Direban da ya tashi tun kafin asuba don kauce wa cunkoson gadar Third Mainland, hutu yake bukata, gwangwani ba zai maye masa barci ba.

Sai ragowar magungunan gida. Sau da yawa uwargida kan share durowa a ƙarshen shekara, ta tattara abin da ya rage ta miƙa wa masu aiki da kyakkyawar niyya. A ciki akan samu diklofenak da ibufrofen, waɗanda idan aka daɗe ana sha suna ɗaga hawan jini, suna cin ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Akan samu maganin mura mai sa barci irin firiton, wanda haɗari ne ga mai riƙe da sitiyari. Akan samu ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba a shanye ba, da wanda kwanan watansa ya wuce. Na taɓa ganin mai aiki da fatar fuskarta ta yi laushi ta fashe da ƙuraje, saboda man shafawa mai sinadarin sitiroyid da uwar ɗakinta ta daina amfani da shi ta ba ta. Maganin da likita ya rubuta wa wani, na wannan mutumin ne shi kaɗai.

Haka nan kayan sawa na kwance. Ba laifi ba ne a bayar da su a wani lokaci na shekara idan suna da kyau kuma ana so. Amma wanda ya yi muku shekara goma ya cancanci sabon yadi ko sabuwar atamfa, har da kuɗin ɗinki.

Kyautar lafiya da ke da amfani

Idan kuna son kyautarku ta taɓa lafiyarsa, ga abubuwa uku da na ga suna aiki. Su ma ƙari ne a kan kuɗin hannu, kuma da yardarsa.

Na farko, inshorar lafiya ta shekara guda. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane mazaunin Najeriya, amma masu aikin gida da direbobin gida suna cikin waɗanda aka fi bari a baya, domin babu ofishin da ke yanka musu. A Legas akwai shirin jiha mai suna Ilera Eko ƙarƙashin hukumar LASHMA. A Abuja akwai shirin inshorar lafiya na babban birnin tarayya, sauran jihohi ma suna da hukumominsu, ita kuma NHIA tana da shirin GIFSHIP wanda mutum ɗaya, iyali ko ƙungiya za su iya shiga, kuma wani na iya biya wa wani. Kafin ku biya, ku yi tambaya huɗu. Nawa ne na mutum ɗaya, nawa ne na iyali? Kwana nawa ake jira bayan rajista kafin katin ya fara aiki? Shirin ya ƙunshi maganin hawan jini da na suga? Wane asibiti zai zaɓa? Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi kuskurewa. A zaɓi asibitin da ke kusa da inda yake kwana. Direban da ke zaune a Agege amma aka yi masa rajista a asibitin Lekki don nan ne unguwar maigida, ranar da ɗansa ya yi zazzaɓi da tsakar dare katin ba zai amfane shi da komai ba. Idan iyalinsa suna Kano ko Sakkwato, wataƙila ya fi son a yi musu a can. Ku rubuta ranar da katin zai ƙare, ku kuma sani cewa wannan kyauta ce da ke son a sabunta ta kowace shekara.

Na biyu, awo uku masu sauƙi: hawan jini, suga da ido. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Idan awo ya riƙa nuna 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, lokacin ganin likita ya yi. Suga kuma ana auna shi da safe kafin a ci komai, kuma idan ya kai 126 a ma'aunin da yawancin na'urorinmu ke amfani da shi, sai an maimaita an kuma ga likita. Ido shi ne jarin direba. Bayan shekara 40 karatun abu na kusa yakan fara wuya, wannan tabarau ke gyara shi. Yanar ido tana sa fitilar motar da ke tahowa ta riƙa kashe masa ido da dare, kuma aiki ne da ake yi a warke. Wanda ya fi ban tsoro shi ne hawan jinin ido, domin yana cin gani daga gefe a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Direba mai wannan matsala yana ganin gabansa tangaran, amma ɗan acaɓan da ya ɓullo ta gefe sai ya zo dab. Saboda haka a je asibitin ido inda za a auna ƙarfin ruwan ido a kuma duba jijiyarsa. Tabarau na bakin titi ba ya gano wannan.

Ga mai aikin gida, a ƙara da awon yawan jini, musamman idan tana cikin shekarun al'ada, a kuma duba hannuwanta. Fatar da ke tsagewa tsakanin yatsu saboda omo da ruwan bilic tana bukatar safar hannu da man shafawa mai kauri, kuma waɗannan, kamar yadda na faɗa, kayan aiki ne da ke kanku.

Na uku, idan an riga an san yana da ciwo mai bukatar magani kullum, ku ɗauki nauyin maganin. Illar sayen ƙwaya biyar-biyar ita ce maganin hawan jini ba ya aiki irin na ciwon kai. Ana shan sa kullum ne, ko an ji ciwo ko ba a ji ba, kuma idan aka daina awon yakan koma sama, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya dawo. Kada ku sayi na shekara guda a lokaci ɗaya, domin likita na iya sauya magani ko yawansa, kuma zafi da laimar ɗaki suna lalata ƙwaya. Na wata uku-uku ya isa, da takardar likita, daga kantin magani mai rajista. Hanya mafi sauƙi ita ce ku ajiye kuɗin a kantin da ya saba zuwa, ya riƙa karɓa da kansa ba sai ya zo yana roƙonku duk wata ba. Na'urar awon jini ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ita ma kyauta ce mai kyau, muddin an koya masa amfani da ita: ya zauna ya jingina bayansa na minti biyar, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kada ya ci goro, ya sha shayi mai ƙarfi ko taba rabin awa kafin awo, ya auna sau biyu ya rubuta a littafi don nuna wa likita.

Sakamakon nasa ne

A nan ne kyautar lafiya ke iya juyewa ta zama cin fuska. Ku sa kanku a matsayinsa. Maigida ya ce gobe za a kai ka awon ido da na jini. Abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne ana neman dalilin sallamarka. Shi ya sa direbobi da yawa ke ɓoye ciwonsu, kuma shi ya sa direban Hajiya ya gwammace ya sayi ƙwaya biyar a ɓoye da ya nemi taimako.

Saboda haka ku faɗa masa tun farko, da baki, cewa sakamakon nasa ne, likita shi zai ba, kuma ba don a raba shi da aikinsa ake yi ba. Ku biya kuɗin, ku ba shi ranar hutu da kuɗin mota, ku bar shi ya shiga wurin likita shi kaɗai. Kada ku kira asibiti ko mai kantin magani kuna tambayar abin da aka gani. Kada kuma a fake da kyauta a yi wa mai aiki gwajin ciki ko na cuta mai karya garkuwar jiki ba da saninta ba. Wannan keta haddi ne, kuma ma'aikacin lafiya na ƙwarai ba zai yarda ya yi ba.

To idan awon ya nuna abin da ya shafi tuƙi fa? Tambaya ce ta gaskiya, domin 'ya'yanku ne a bayan motar. Amsar ita ce ku tanadi mafita kafin ku aika shi, ku kuma sanar da shi. Ku ce masa: idan likita ya ga wani abu da ya shafi tuƙi, muna roƙonka ka faɗa mana, mu kuma mun yi alkawarin za mu nemi magani tare. Yawancin abin da ake ganowa yana da gyara. Mai hawan jini ko suga da ke shan magani yadda ya kamata yana ci gaba da aikinsa. Mai yanar ido ana yi masa aiki, ya huta na wasu makonni da albashinsa, ya dawo. Wanda tuƙin dare ya fara yi wa wuya ana iya mayar da shi na rana. Idan kuma abin ya kai ga ajiye tuƙi gaba ɗaya, to mutumin da ya ba ku shekara goma sha biyu ya cancanci wani aikin a gidan ko a shago, ko sallama mai tsoka da zai ja jari da ita. Gidan da bai shirya ɗaukar wannan nauyi ba, kada ya kira awon da sunan kyauta.

Yadda ake miƙawa

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A kira shi ciki, a ba shi wurin zama, maigida ko uwargida su miƙa da hannunsu cikin ambulan. Kada a aiki yaro da ita, kada a yi a gaban baƙi, kada a ɗauki hoto a watsa. A kira shi da sunan girmamawa da yara suka taso suna ji, Malam ko Baba, ita kuma Iya ko Yaya gwargwadon shekarunta. A ambaci wani abu takamaimai da ya yi a shekarar: daren da ya kwana a harabar asibiti lokacin haihuwar autarku, ko shekarun da ya yi yana kai yara makaranta ba a taɓa jin ya bar su a ƙofa ba. Wannan ke nuna masa cewa ana gani. Sannan kada a biyo da sharaɗi ko wa'azin yadda zai kashe kuɗin, kada kuma a riƙa tuna masa da ita a watan Maris idan ya makara. Gori yana cinye ladan kyauta.

A haɗa masa da hutu na gaske, mako ɗaya ko biyu da albashinsa, wanda ba za a kira shi a waya ana cewa ya zo ya ɗauko baƙi ba. A sanar da shi ranakun da wuri don ya nemi mota tun kujera ba ta yi tsada ba.

Hajiya ta dawo bayan kwana huɗu. Ta ce ta zaunar da shi ta tambaye shi, ya daɗe yana cewa babu komai, alhamdulillahi. Sai da ta rantse masa cewa aikinsa na nan, sannan ya faɗa mata da bakinsa cewa shekara uku ke nan da aka ce yana da hawan jini, kuma kuɗin makarantar 'yarsa ne ke cinye na magani. Ta yafe masa naira 40,000 ɗin, ta ba shi ambulan ɗinsa cikakke, ta biya masa inshora a asibitin da ke kusa da gidansa, ta kuma ajiye kuɗin maganin wata uku a wurinmu. Kwalaben ƙarin jinin suna nan a kan kanta, ban sayar mata ba.

Shi kuma yanzu duk farkon wata yakan shigo da ɗan littafinsa na awo a aljihun gaba, ya buɗe mini shafin da kansa kafin in tambaya.

Kafin ku sayi kwandon bana, ku zaunar da naku ku tambaye shi.